Filin da 'yan Nijar ke bari kafin alamar tambaya ba jahilci ba ne

Kwanakin baya a wani zauren marubuta da nake ciki a WhatsApp, wani bawan Allah ɗan Damagaram ya turo gajeren labarinsa don a duba masa, labari mai daɗi wallahi, amma maimakon a yi maganar labarin sai wani daga cikin namu na nan Najeriya ya ɗauki hoton layi ɗaya ya zagaye shi da ja, wai malam sai ka koma firamare, a ina ka taɓa ganin an bar fili kafin alamar tambaya? Nan da nan wasu suka fara jero fuskokin dariya. Ga layin da ake wa dariyar:

Ina za ka ? Ya ce : « Kasuwa zan je ! »

Raina ya ɓaci, don a gaskiya mai gyaran ne bai sani ba. Wancan ɗan Damagaram ɗin abin da aka koya masa a lakwal ya yi, kuma da a ce Faransanci ya rubuta da babu inda ya kauce ko da ɗigo ɗaya.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu kafin a fara jifa na. Alamomin rubutu kayan harshe ne, kowane harshe da nasa tsarin, saboda haka wanda ya bar fili kafin ruwa biyu a Faransanci daidai ya yi, wanda ya kifar da alamar tambaya a Sifaniyanci shi ma daidai ya yi. A rubutun Hausa kuwa ni ina ganin gara mu bar wannan filin, amma ba don Turanci ya fi Faransanci ba, akwai dalili na aiki da zan kawo. Sannan akwai abu ɗaya da nake ganin mu 'yan Najeriya ne ya kamata mu aro daga wajensu. Inda kawai ba na yarda kowa ya yi yadda ya ga dama shi ne lissafi, don can kuɗin mutane ke salwanta.

Ka'idar Faransanci ɗin ita ce me?

Abin ba shi da wuya. Bafaranshe ya raba alamomi gida biyu. Akwai masu jiki ɗaya, wato aya da waƙafi, waɗannan manne su ake yi da kalma kamar dai yadda muke yi. Sai masu jiki biyu, wato ruwa biyu, waƙafi mai ruwa, alamar tambaya da alamar motsin rai, duk ka duba za ka ga kowacce yanki biyu ce, to su ne ake bar wa fili a gaba da kuma baya. Alamar zancen wani ma tasu daban ce, « » ne, kuma ana barin fili ta ciki tsakaninta da maganar.

Tu viens demain ? Il a dit : « Oui, à 14 h 30 ! »

Ka lura har agogon ma ba ruwa biyu suka sa ba. Haka kuma suke barin fili kafin alamar kashi cikin ɗari, 50 % suke rubutawa, mu kuma 50%.

To amma ga inda da yawa ko a cikin masu jin Faransancin ke tuntuɓe. Filin nan ba irin wanda kake samu idan ka danna dogon maɓallin ƙasan kibod ba ne. Fili ne na musamman wanda ba ya tsinkewa, ma'ana idan layi ya ƙare ba zai yarda a raba kalma da alamarta ba, ko su zauna tare ko su sauka layi na gaba tare. Kuma shi ma iri biyu ne. A ƙa'idar maɗaba'ar gwamnatin Faransa, wadda yawancin masu buga littafi a can ke bi, kafin ruwa biyu da cikin « » cikakken fili ake sawa, kafin alamar tambaya da ta motsin rai da waƙafi mai ruwa kuma siriri ake sawa, ɗan tsut. A tsarin Unicode cikakken shi ne U+00A0, siririn kuma U+202F.

Asalin abin daga zamanin ɗab'i da haruffan dalma ne, lokacin da mai jera haruffa ke tsintar su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Idan ya manna alama doguwa irin ! a jikin kalmar da ta ƙare da l ko t, ido sai ya ɗauka wani harafin ne, sai ya cusa siririn ƙarfe a tsakani don alamar ta fito fes. Kuma abin da masu dariya ba su sani ba, Turancin da suke taƙama da shi ma haka ake buga shi a da. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin Ingilishi na ƙarni na 19 zai ga ɗan fili kafin ruwa biyu da waƙafi mai ruwa da alamar tambaya. Daga baya ne masu Ingilishi suka yar da shi, Faransawa suka riƙe. Kenan ba su ne suka ƙirƙiro wani baƙon abu ba.

Ko a duniyar Faransancin ma ba a haɗu a kan abu ɗaya ba. A Kibek ta ƙasar Kanada suna barin fili kafin ruwa biyu, amma alamar tambaya da ta motsin rai yawanci manne su suke yi. A Suwizalan kuma siririn fili suke sawa har kafin ruwa biyun. Nijar, Chadi da ɓangaren Kamaru mai Faransanci tsarin Faransa suka gada ta makaranta da ofis, shi ya sa Bahaushen Maraɗi ko na Garwa hannunsa ya saba.

Wani lokacin ma ba hannun nasa ba ne. Idan ka buɗe Word aka saita harshen takardar a kan Faransancin Faransa, kana danna ruwa biyu shi da kansa zai tura maka filin, kana danna " zai mayar maka da ita «. Kwamfutar ba ta san Hausa kake rubutawa ba. Don haka kafin ka ce mutum bai iya rubutu ba, ka fara tambayar wace irin kwamfuta ce a gabansa.

"Ai alamar rubutu iri ɗaya ce a duk duniya"

Wannan ce hujjar farko da ake kawo min, kuma ita ce ta fi saurin faɗuwa. Ba sai mun je nesa ba, duk wanda ya yi Islamiyya ya san alamar tambayar Larabci juyawa take yi ؟ waƙafinsu ma kansa a sama yake ، saboda daga dama suke farawa. Girkawa kuwa abin da muke kira waƙafi mai ruwa shi ne alamar tambayarsu. Jamusawa suna buɗe zancen wani daga ƙasan layi su rufe a sama.

Amma wanda na fi so mu ɗan tsaya a kansa shi ne na Sifaniyanci, don shi ne mutane suka fi ɗauka almara ce ko kwalliya. Su idan za su yi tambaya sai su buɗe ta da kifaffiyar alama su rufe da ta daidai, haka ma motsin rai.

Vienes mañana.
¿Vienes mañana?

Layin farko yana cewa gobe za ka zo, na biyu yana tambaya gobe za ka zo? Kalmomin iri ɗaya, jerin iri ɗaya, ba abin da ya sauya sai murya. A Ingilishi tun kalmar farko ka kan gane tambaya ce saboda suna juya jimlar, Basifaniye kuwa sau da yawa ba shi da wannan, idan jimlar ta yi tsawo mai karatu sai ya kai ƙarshen layi na uku sannan ya gano ashe tambaya ce, alhali ya riga ya karanto ta da muryar bayani. Hukumar harshensu da ke Madrid, wadda ake taƙaita sunanta da RAE, ita ta kawo maganin a littafin ƙa'idojin rubutunta bugu na biyu a 1754. Da farko dogayen jimloli kawai aka nufa, sai aka yi ta rigimar wacce ce doguwa wacce ce gajera, a 1870 aka ce to a sa wa kowacce a huta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba lallai a farkon jimla alamar take zama ba, inda tambayar ta fara nan ake dasa ta.

Si no llueve, ¿vamos al mercado?

Wato idan ba a yi ruwa ba, za mu je kasuwa? Sharaɗin ruwan yana waje, tambayar ta fara ne daga zuwa kasuwa. Mai karanta labarai a rediyo ko mai karanta wa jama'a takarda ya san daidai inda zai ɗaga murya. Wannan ba kwalliya ba ce ko kaɗan.

Za a ce ai matasansu ma a waya ba sa sawa. Gaskiya ne, da yawa a hira ta ƙarshen kawai suke sawa, kamar dai yadda namu ke rubuta "ykk" da "lfy". Amma jarida da littafi da takardar jarrabawa ba a wasa da ita, ɗalibin da ya bar ta kuskure za a ja masa.

Wani zai ce to mu ma ai ciwonmu ɗaya da su, "Audu ya zo." da "Audu ya zo?" ba su da bambanci sai murya, me zai hana mu ɗauko ¿ mu ma? Na daɗe ina juya wannan, kuma amsata a'a ce. Hausa ta riga ta tanadi abin buɗe tambaya a bakinta, muna da shin, muna da ko, muna da anya. Duk lokacin da tambaya ta yi tsawo har kana tsoron mai karatu zai ɓace, sa mata shin a gaba, kuma ita ma tana iya zama a tsakiya: idan ba a yi ruwa ba, shin za mu je kasuwa? Aikin ya yi, kuma wanda ake karanta wa ma ya ji, ba mai gani kaɗai ba. Matsalarmu dai ita ce wasu sun mayar da shin kayan 'yan jarida, wasu kuma idan sun sa ta sai su ga ba sai sun rufe da alamar tambaya ba. A rufe ɗin dai.

To a Hausa wanne za mu bi?

Nan ne abokaina na Nijar za su ɗan ji haushina. Suna cewa, kuma suna da gaskiya, Hausar boko ba ta zo da alamominta daga sama ba, ku kun aro na Ingila mu mun aro na Faransa, wa ya ce naku ne na asali? Babu wanda ya ce. Hasali ma idan gaba ɗayan littafi aka buga a Yamai da tsarin Faransa, daga bango zuwa bango ba a gauraya ba, ni ba ni da ta cewa, littafi ne mai tsafta.

Damuwata ita ce yawancin Hausar da ake rubutawa yau a waya ake rubuta ta, kuma a waya mutum filin gama-gari yake dannawa, mai tsinkewa. Faɗin sikirin kuma ba ɗaya ba ne, abin da ya zauna daidai a wayarka a tawa wani wuri daban layin zai karye. Sai ka ga abu kamar haka:

Wai yaushe za a biya mu kuɗin aikin nan
? Mun gaji da jira
!

Alama ta faɗo layin ƙasa ita kaɗai kamar ɗan akuyar da uwarsa ta tafi kiwo ta bari. Haka « ke maƙalewa a ƙarshen layi maganar kuma tana ƙasa. Wannan ko a Faransanci kuskure ne, editan Faransa ma ja zai sa masa. Kenan mai yin haka ya ɗauko rabin ƙa'ida ya bar rabi. Shi kuwa manne alama a jikin kalma ba ya buƙatar wani maɓalli na musamman, ba ya karyewa a kowace waya, kuma yaron da ke koyon rubutu ƙa'ida ɗaya tak zai riƙe: babu fili a gaba, fili ɗaya a baya. Dalilina kenan, sauƙi da rashin lalacewa.

Wanda kuma aikinsa ya haɗa da Faransanci, kamar masu fassara da masu buga takardun fatake da ɗalibanmu da ke karatu a Maraɗi ko Kwatano, ya kamata ya iya filin na gaskiya. A Word ana samun sa da Ctrl+Shift+Space, a shafin intanet kuma ` ` ake rubutawa. Idan kana so ka gane wane iri ne a takardar da aka ba ka, danna maɓallin nan mai alamar ¶ a sama, filin gama-gari zai fito a matsayin ɗigo a tsakiyar layi, marar tsinkewa kuma ɗan ƙaramin zobe kamar na ma'aunin zafi. Idan takardar duk ɗigo ce kafin alamomin, ba sai ka bi ɗaya bayan ɗaya ba, danna Ctrl+H, a akwatin sama ka sa fili da alamar tambaya, a na ƙasa ka rubuta `^s?` ka ce a sauya duka, sai ka maimaita wa sauran alamomin uku. Idan kuma zuwa tsarin Najeriya za ka mayar da rubutun, a akwatin sama ne za ka sa `^s?` ɗin, a ƙasa alamar ita kaɗai. 

Yanzu ga abin da na ce mu aro. Mu a Hausa wannan ɗan ɗigon na sama harafi ne, ba alama ba ce kawai. Yana cikin sa'a, yana cikin jama'a, a Najeriya kuma da shi muke rubuta 'ya'ya da 'yan da 'yanci. Turanci kuma da shi ɗin dai yake buɗe zance a cikin zance, 'yan Ingila ma da shi suke buɗe zancen farko. Duba abin da ke faruwa idan muka bi su ido rufe:

Ta ce, "Malam ya ce ''yan aji uku su kira 'yan'uwansu' sannan ya fita."

Don Allah a ina maganar malam ta fara, a ina ta ƙare? Sai ka karanta sau biyu. Yanzu duba wannan:

Ta ce, «Malam ya ce "'yan aji uku su kira 'yan'uwansu" sannan ya fita.»

Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Haka Sifaniyawa ke jera nasu, « » a waje, masu ɗigo biyu a ciki, kuma su ba sa barin fili ta ciki, don haka babu matsalar karyewar layi. Masu buga Larabci ma suna amfani da « » sosai, idonmu ba baƙonta ba ne. A waya kuma ba wahala, ka danne maɓallin " na ɗan lokaci za ta fito cikin zaɓi, kamar yadda ¿ ke fitowa idan ka danne alamar tambaya. Ban ce a daina amfani da " " a zancen yau da kullum ba, amma marubutan labari da ke yawan sa zance cikin zance, da masu fassara hadisi inda wane ya ce wane ya ce, su gwada su gani. Mafi ƙaranci dai a daina buɗe zance da ɗigo ɗaya a Hausa.

Af, tunda muna nan, su mutanen Nijar sun huta da rabin wannan rigimar don ƴ suke rubutawa, ƴaƴa, ƴan. Mu kuma Word kullum yana juya mana ɗigon farkon 'yan ya koma kamar 6 don ya ɗauka zance za mu buɗe, alhali kamar 9 ya kamata ya tsaya. Duba allunan makarantu da fastocin 'yan siyasa za ka ga abin ko'ina, kuma ban taɓa jin an tura mai fastar firamare ba.

"Wa ya damu, ai ana ganewa"

A hira ana ganewa, na yarda. Fili kafin alamar tambaya bai taɓa sauya ma'anar magana ba. Amma bambancin bai tsaya a jimla ba, ya shiga lamba, kuma a nan aya da waƙafi musayar aiki suke yi gaba ɗaya.

Ɗan Najeriya yana raba dubbai da waƙafi, ya raba ɓangaren ɗigo da aya: 12,500.75. Mai Faransanci yana raba dubbai da fili, ɓangaren ɗigo kuma da waƙafi: 12 500,75. Wasunsu kuma a rasit da rubutun hannu aya suke sa wa dubbai, 1.250.000 F. To idan takarda ta ce 1,250 a Kano dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, a Maraɗi ɗaya da kwata ne. Bambancin ninki dubu.

A baki da ido ɗan kasuwa ba ya ruɗewa, ya san buhu ba ya sefa ɗaya da kwata. Kwamfuta ce ba ta da wannan hankalin. Bari in kawo misali, lambobin nawa ne don a gane. Dillalin wake a Maraɗi ya turo wa abokin cinikinsa na Dawanau nauyin lodi huɗu a saƙon waya, da tan:

4
2,5
3,75
6

Jimla ta gaskiya tan 16 da kwata. Yaron shago ya kwafe su ya zuba a Excel ɗinsa mai saitin Ingilishi daga A1 zuwa A4, ya rubuta:

```
=SUM(A1:A4)
```

Amsar da zai gani 10 ce. Excel ɗin bai san 2,5 a matsayin lamba ba, ya ɗauke ta kalma ce kamar sunan mutum, sai ya tsallake ta ita da 3,75 ya haɗa 4 da 6 kawai, kuma ba zai yi ƙorafi ba, ba jan rubutu ba komai. Da duka ya ƙi karɓa ya ba da sifili da an farga nan take, haɗarin shi ne 10 ta yi kama da amsa. Idan an yi ciniki a kan sefa dubu 350 kowane tan, kuɗin gaskiya miliyan 5 da dubu 687 da ɗari 5 ne, na kwamfuta kuma miliyan 3 da rabi. Sama da sefa miliyan 2 sun ɓace tsakanin mutum biyu da babu wanda ya yi niyyar cutar wani, kuma ka san yadda irin wannan ke ƙarewa, rantse-rantse da kiran shaidu.

Da kuma dillalin ya rubuta 3,750 maimakon 3,75, wanda a wajensa abu ɗaya ne, to abin ta ɗaya gefen zai ɓaci, Excel zai karɓe ta hannu biyu a matsayin tan dubu uku da ɗari bakwai da hamsin. Lamba uku cif bayan waƙafi ita ce wadda ta fi kowacce haɗari, don kowane ɓangare yana ganin ta daidai a tsarinsa.

Yadda ake ganewa ba wuya. Idan ba a taɓa saitin gidan ba, Excel yana jingina lamba a dama, kalma kuma a hagu, don haka duk lambar da ka ga ta lafe a hagu ita kaɗai ba a lissafa da ita. Idan layukan suna da yawa ido ba zai iya ba, sai ka gwada waɗannan biyun:

```
=COUNT(A1:A4)
=COUNTA(A1:A4)
```

Na farko lambobi kawai yake ƙirgawa, na biyu duk gidan da ba fanko ba. A misalinmu za su ba da 2 da 4, tunda ba su zo ɗaya ba akwai gidaje biyu da ke kwance. Gyaran kuma ko dai ka zaɓi layin ka mayar da waƙafi aya da Ctrl+H, ko ka gaya wa Excel da bakinka cewa waƙafi ne ɗigo, fili ne mai raba dubbai:

```
=NUMBERVALUE(A2,","," ")
```

Wannan zai dawo maka da 2.5 lamba sosai. A lura, idan ainihin fayil ɗin Excel aka turo maka, mai xlsx a ƙarshe, babu wannan matsalar, don lambar a ciki lamba ce, kowace kwamfuta za ta nuna ta da tsarinta. Ɓarnar tana zuwa ne ta kwafi daga saƙo ko PDF, ko ta fayil ɗin CSV, wanda shi ma na masu Faransanci da waƙafi mai ruwa yake raba gidaje tunda waƙafin yana da wani aikin, shi ya sa idan ka buɗe shi a nan sai ka ga komai ya cunkushe a gida ɗaya.

Su ma masu awo na duniya sun san da wannan ciwon. A babban taronsu na 2003 sun amince cewa ɓangaren ɗigo ana iya raba shi da aya ko da waƙafi, kowa da al'adarsa, amma dubbai kada a raba su da ko ɗaya daga ciki, fili kawai za a bari. Da a ce ana bin wannan da 1,250 ba ta da fassara biyu. Amma ba na jin bankunan Najeriya za su bar waƙafinsu gobe, ni ma ban ce su bari ba.

Abin da nake yi idan takardar kuɗi ko ta awo za ta tsallaka iyaka shi ne in kauce wa ɓangaren ɗigon gaba ɗaya in dai zai yiwu. Maimakon tan 2,5 ko 2.5 sai in sauko ƙaramin ma'auni in rubuta kilo 2500, ba waƙafi ba aya. Babban jimla kuma in rubuta shi da lamba sannan in maimaita da kalmomi a gefe kamar yadda ake yi a cek, kuma in faɗi naira ce ko sefa, don wannan ma an sha faɗa a kansa.